Tsawon Imel na Farko da Yadda Ake Rage Daftarin da Ya Yi Yawa

Imel na farko shi ne saƙon da mutum ke aika wa wanda bai san shi ba, yana neman wani abu a wurinsa: gurbin karatu, ko aiki, ko ciniki, ko ganawa. Ya bambanta da saƙon da ke tsakanin abokan aiki ta fuska ɗaya mai muhimmanci, wato wanda aka aika wa ba shi da wani nauyi a kansa na ya karanta, balle ya ba da amsa. Yana buɗe akwatin saƙonsa ya tarar da sunan da bai sani ba a tsakiyar saƙonnin mutanen da yake da alhakin amsa musu, kuma cikin ɗan lokaci kaɗan zai yanke shawara: ya karanta yanzu, ko ya bari sai an jima, ko ya goge. A mafi yawan lokuta "sai an jima" da gogewa sakamakonsu ɗaya ne, domin sababbin saƙonni suna danne na jiya. Tsawon saƙon yana cikin abubuwan farko da ke tura mai karatu zuwa ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi uku, tun kafin ya san abin da ke ciki.

Tsawon da ya fi dacewa

Ma'aunin da ya fi amfani ga irin wannan saƙo shi ne kalma 100 zuwa 150, a sakin layi uku ko huɗu gajeru. Akwai alƙaluman da ke goyon bayan haka. A shekarar 2016 kamfanin Boomerang, mai yin wata manhaja da ake haɗawa da Gmail, ya fitar da sakamakon nazarin imel fiye da miliyan 40. Saƙonnin da tsawonsu ya kama daga kalma 50 zuwa 125 su ne suka fi samun amsa, wajen rabinsu aka amsa. Da tsawo ya kai kalma 500 adadin ya sauka zuwa wajen kashi 44 cikin ɗari. Na kalma 10 kuwa sun faɗi ƙasa da haka, kashi 36 kawai.

Ya kamata a karanta waɗannan alƙaluma da hankali. Saƙonnin da aka ƙirga sun haɗa da na mutanen da suka riga suka san juna, saboda haka wanda ke rubuta wa baƙo kada ya sa ran rabin saƙonninsa za su dawo da amsa. Abin da nazarin ya nuna a fili shi ne siffar al'amarin: akwai wani tsaka-tsaki da ya fi kyau, kuma gajartar da ta wuce kima tana cutarwa fiye da ɗan tsawo. Wannan batu na biyu shi ne aka fi mantawa da shi. Saƙo mai layi biyu da ke cewa "ina neman aiki, ga takarduna" bai ba mai karatu komai da zai kama ba, don haka ba shi da amsar da zai bayar.

Wata hanyar fahimtar ma'aunin ita ce a mayar da kalmomi zuwa lokaci. Marc Brysbaert na Jami'ar Ghent a ƙasar Beljiyam ya tattara bincike 190 a 2019, ya samu cewa babban mutum yana karanta wajen kalma 238 a minti ɗaya idan yana karatun zuci na rubutun Turanci da ba ƙagaggen labari ba. Ke nan saƙo mai kalma 120 yana cin rabin minti, mai kalma 500 kuma ya haura minti biyu. Minti biyu ba wani abu ba ne ga mai rubutu da ya kwana yana tsara saƙonsa, amma ga wanda ke da saƙonni da yawa a gabansa kuma bai san mai aikowa ba, lokaci ne da sai ya ga dalili kafin ya bayar. Rabin minti kuwa ana iya ba kowa, ko a tsaye ake. Ga kuma batun waya: mutane da yawa a kanta suke fara duba saƙo, kuma saƙo mai kalma ɗari da 'yan kai yana shiga fuskar waya gaba ɗaya ko ya ɗan gota kaɗan. Idan ya fi haka, buƙatar da ke ƙarshe tana ɓoye har sai an ja rubutun sama, kuma ba kowa ne zai ja ba.

Wanda ke rubutu da Hausa yana da ɗan sassauci a ƙidaya. Hausa tana rubuta ƙananan kalmomi irin su "na", "ya", "za", "da" a rarrabe, saboda haka magana ɗaya takan ɗauki kalmomi fiye da yadda za ta ɗauka a Turanci. Saƙon Hausa mai kalma 160 bai yi laifi ba muddin bai wuce abin da ake karantawa a rabin minti zuwa minti ɗaya ba.

Duk da haka lamba ba ita ce asalin ƙa'idar ba. Tsawon saƙo yana fitowa ne daga aikin da aka ɗora masa, kuma aikin imel na farko ƙarami ne: ya sa a ba da amsa. Ba a cikinsa ake kammala ciniki ba, ba a cikinsa ake ba da gurbin karatu ba. Don a samu amsa, mai karatu yana buƙatar sanin abu huɗu: wane ne ya rubuto, me ya sa shi aka rubuto wa ba wani ba, wace hujja ce ke nuna mai rubutun ya cancanci a saurare shi, da kuma me ake so ya yi. Kowanne a cikinsu jimla ɗaya ko biyu ta ishe shi. Idan aka tara jimla bakwai ko takwas masu matsakaicin tsawo, sai a ga an sauka a kan kalma ɗari da wani abu ba tare da an yi niyya ba. Daftarin da ya kai kalma 300 kusan kullum yana ɗauke da wani aiki na biyar ko na shida da ba nasa ba ne.

Inda tsawon ke fitowa

Misalin da ya fi bayyana wannan shi ne na ɗalibin da ya gama digirin farko, yake rubuta wa wani farfesa a wata jami'a yana neman ya karɓe shi a digiri na biyu. Matasa da yawa suna aika irin wannan saƙo kowace shekara, galibi da Turanci, amma ginin saƙon ɗaya ne a kowane harshe. A ƙaddara ɗalibin ya karanta aikin gona, farfesan kuma masanin ajiyar hatsi ne bayan girbi. Ga irin daftarin da yakan fara fitowa:

"Assalamu alaikum Farfesa mai girma. Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka da dukkan abokan aikinka. Da farko ina neman afuwa bisa shigo maka da wannan saƙo ba tare da mun san juna ba, na san kana da ayyuka da yawa.

"Ni an haife ni a ƙauye, mahaifina manomi ne, kuma tun ina yaro nake sha'awar noma. Na yi firamare da sakandare a garinmu, daga nan na samu shiga jami'a inda na karanta aikin gona, na gama a 2021. Bayan hidimar ƙasa na yi koyarwa na shekara ɗaya, na kuma halarci tarurrukan ƙara wa juna sani da dama. Kamar yadda ka sani, noma shi ne ƙashin bayan tattalin arzikin Afirka, kuma asarar amfanin gona bayan girbi babbar matsala ce. Na daɗe ina bibiyar ayyukanka masu ban sha'awa, kuma babu shakka kana cikin manyan masana na duniya.

"A aikina na kammala digiri na gwada ajiyar wake a buhun PICS da buhun gargajiya a gidajen manoma 12 na tsawon wata shida. Na ga cewa inda aka riƙa buɗe buhun ana ɗiba, ƙwari sun dawo. Ina kuma sha'awar kiwon kifi da sauyin yanayi da noman rani.

"Zan yi farin ciki idan za ka taimaka mini ta kowace hanya, ko da gurbin karatu, ko tallafi, ko shawara, ko ka haɗa ni da wani. Na liƙa takardun shaidata guda bakwai. Ina jiran amsarka cikin gaggawa. Allah ya saka da alheri, ya ƙara ɗaukaka."

Wannan daftari yana da kalma kusan 240, kuma babu rashin ladabi ko ƙarya a cikinsa. Matsalarsa tsari ne. Sai farfesan ya wuce kalma 145 kafin ya iso ga abu na farko da ya shafi aikinsa, wato gwajin wake, sannan ya haura kalma 190 kafin ya ji abin da ake nema. Da ya iso nan ɗin ma sai ya tarar da buƙatu huɗu a jere, babu wadda aka tsaida.

Dalilin da ke sa daftari ya fito haka sananne ne. Mai rubutu yana fara rubutawa tun bai gama yanke abin da yake so ba, sai rubutun ya zama wurin da yake tunani. Yana bin tarihi daga haihuwa zuwa yau domin shi ne tsarin da ya fi sauƙin zuwa kai. Akwai kuma kunya: roƙon babban mutum abu ne mai nauyi, saboda haka ake ta kewaye-kewaye ana jinkirta faɗar buƙata. Ga wanda ya tashi cikin al'adar Hausa akwai ƙarin dalili mai kyau, domin tarbiyya ta koya masa cewa ba a faɗa wa babba buƙata kafin a gaishe shi a tambayi iyali, kuma wasiƙar hannu da aka saba da ita da "gaisuwa mai yawa" take buɗewa. A zaure wannan gaisuwa tana da amfani, domin mai gida yana amsawa, ana kallon juna, ana sabawa kafin a shiga magana. A imel babu mai amsawa a tsakani, gaisuwar tana tsayawa ne kawai tsakanin mai karatu da abin da ya buɗe saƙon don ya gani. Girmamawar da ta dace a nan ita ce a kira shi da muƙaminsa daidai, a rubuta sunansa ba kuskure, a kuma tsare masa lokacinsa.

Akwai wani abu mara daɗin faɗa da ya shafi mai rubutu daga Nijeriya musamman. Wasiƙun damfara da aka fi sani da 419, lambar sashen dokar laifuffuka da ya yi magana a kan zamba, sun shahara a duniya da wani salo: doguwar gaisuwa, yabon da ya wuce kima, labarin rayuwa mai ban tausayi, neman taimakon da ba a fayyace ba, da matsa lamba a amsa cikin gaggawa. Ɗalibi mai gaskiya da ya haɗa waɗannan abubuwa cikin saƙonsa yana iya sa mai karatu a wata ƙasa ya yi masa kallon da bai cancanta ba. Ba adalci ba ne, amma haka abin yake, kuma gajeren saƙo mai takamaiman bayani shi ne kariya mafi sauƙi.

Yadda ake ragewa

Kuskuren da aka fi yi wajen rage daftari shi ne a bi shi layi-layi ana cire kalma ɗaya nan, biyu can. Wannan yana iya sauke kalma 240 zuwa 210, amma saƙon yana nan da ciwonsa, domin gwajin wake har yanzu yana can ƙasa kuma buƙatar har yanzu huɗu ce. Ragewa ta gaskiya daga manyan sassa take farawa, gyaran kalmomi shi ne na ƙarshe.

Matakin farko ana yin sa ne a wajen daftarin. Mai rubutu ya ajiye shi gefe, ya rubuta a jimla ɗaya abin da yake so mai karatu ya yi, ta yadda za a iya amsawa da "e" ko "a'a" ko da layi ɗaya. Idan jimlar ta ƙi fitowa, to ba tsawo ne matsalar ba tukuna, shawara ce ba a yanke ba. A misalin ɗalibin, "ka taimaka mini ta kowace hanya" ba tambaya ba ce, aiki ne aka miƙa wa farfesan: shi zai zauna ya yi tunanin wane taimako ya dace, ya tantance tsakanin gurbi da tallafi da shawara. Mutum mai aiki da yawa yakan ajiye irin wannan. Amma "shin za ka ɗauki sabon ɗalibi a zango mai zuwa?" tambaya ce da ya riga ya san amsarta, zai iya bayarwa cikin daƙiƙa goma. Sauran buƙatun ba a yar da su ba, an dai jinkirta su. Maganar tallafin karatu tana da wurinta a saƙo na biyu, bayan an san akwai gurbi.

Da buƙata ta tsaya, sai a koma kan daftarin a tambayi kowace jimla wanne take yi cikin ayyuka huɗun nan. Wadda ba ta yin ko ɗaya a cire ta ɗungurungum. Gaisuwa ta koma layi ɗaya. Neman afuwa ya fita, domin bai ƙara komai ba illa tunatar da farfesan cewa ana cin lokacinsa. Tarihin firamare da sakandare da hidimar ƙasa da tarurruka ya fita, tunda duk yana cikin takardar tarihin karatu da za a liƙa. Jimlar da ta fara da "kamar yadda ka sani" ita da kanta ta ba da dalilin cire ta: abin da masani ya sani ba a faɗa masa, kuma babu ɗalibin da zai burge masanin ajiyar hatsi da labarin cewa asarar hatsi matsala ce. Kiwon kifi da sauyin yanayi da noman rani su ma su fita. Mai rubutu ya sa su ne don ya nuna faɗin sha'awarsa, amma abin da mai karatu ke gani shi ne mutumin da bai tsaida fanni ba, wanda mai yiwuwa ya aika wannan saƙo ga farfesoshi hamsin.

Jimlar mahaifi manomi ita ce ta fi wuyar cirewa, domin gaskiya ce kuma tana da daraja a zuciyar mai rubutu. Amma dubban masu nema za su iya rubuta irinta, saboda haka ba ta bambanta shi da kowa. Gwajin da ke taimakawa a nan shi ne a tambaya: shin wani mai nema zai iya kwafe wannan jimla ya sa a nasa saƙon ba tare da ya canza komai ba? Idan zai iya, jimlar ba ta aiki. Gwajin yana da ɗan'uwa a ɓangaren mai karɓa: shin za a iya aika jimlar ga wani farfesa daban yadda take? Yabon "kana cikin manyan masana na duniya" ya faɗi wannan gwaji nan take.

A nan ne ake gane cewa ragewa wani lokaci tana buƙatar ƙari. Da aka cire yabon, sai gurbin "me ya sa shi" ya zama fanko, kuma ba a cike shi sai da aiki: ɗalibin ya nemo maƙala ɗaya ta farfesan ya karanta ta da gaske, ya ambace ta, ya faɗi inda ta haɗu da nasa aikin. Haka ma gwajin wake. A daftarin farko an faɗe shi an wuce, alhali shi ne dukiyar saƙon. Buhun PICS, wanda aka ƙirƙiro a Jami'ar Purdue ta Amurka, yana da leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, kuma yana kashe ƙwari ne ta hanyar hana iska shiga har su cinye wadda ke ciki. Ɗalibin da ya lura cewa yawan buɗewa yana dawo da ƙwari ya taɓo ainihin yadda buhun ke aiki, kuma daga wannan lura tambayar bincike take fitowa. Jimla ɗaya da ke faɗin tambayar ta fi duk sakin layi na biyu amfani.

Bayan cirewa da ƙarawa sai a sake jeri. Abin da ya shafi mai karatu ya hau sama, cikin jimla biyu na farko, domin Gmail da makamantansa suna nuna farkon saƙo a gefen take tun kafin a buɗe. Buƙata ta samu sakin layinta ita kaɗai don ido ya faɗa kanta. Ga yadda saƙon ya koma:

"Farfesa, barka da aiki.

"Sunana wane, na gama digirin farko a aikin gona a 2021. Na karanta maƙalarka ta bara kan yadda iska ke raguwa cikin buhunan ajiyar hatsi, kuma ta taɓo abin da na yi aiki a kai.

"A aikina na kammala digiri na gwada ajiyar wake a buhun PICS a gidajen manoma 12 na tsawon wata shida. Inda aka riƙa buɗe buhun ana ɗiba, ƙwari sun dawo. Ina so in auna sau nawa za a iya buɗe buhu kafin kariyarsa ta lalace.

"Shin za ka ɗauki sabon ɗalibin digiri na biyu a zangon karatu mai zuwa? Idan akwai gurbi, zan aiko da tsarin binciken a shafi biyu. Na liƙa takardar tarihin karatuna.

"Na gode."

Saƙon bai kai kalma 120 ba, rabin na farko ke nan, amma bayanin da farfesan zai yi amfani da shi ya ƙaru. Ya san matakin ɗalibin, ya ga shaidar cewa an karanta aikinsa, ya ga lambobi biyu da ke nuna an yi aikin hannu a gidajen manoma, ya ga tambayar bincike, ya kuma ga abin da zai biyo baya idan ya ce e. A saƙon gaske za a rubuta sunan farfesan, da sunan jami'ar da ɗalibin ya gama, da taken maƙalar, kuma waɗannan ƙarin kalmomi sun cancanci wurinsu. Idan farfesan Musulmi ne da aka san ya saba da sallama, a buɗe da ita, layi ɗaya ne ita ma.

Sai yanzu ne lokacin gyaran kalmomi ya yi. Ana neman shimfiɗar da ke gaban magana, irin su "ina so in sanar da kai cewa" da "dalilin da ya sa na rubuto wannan saƙo shi ne", a cire ta a bar maganar. Ana neman tagwayen kalmomi masu ma'ana ɗaya a bar guda. Ana neman kalmomin ƙarfafawa irin su "matuƙa" da "ƙwarai da gaske" da "babu shakka", waɗanda ba sa ƙara hujja. A daftarin farko "na ga cewa" ta fita ba tare da an rasa komai ba. "Cikin gaggawa" kuwa dole ta fita, domin wanda ke roƙo ba ya sa wa wanda yake roƙa wa'adi. Idan akwai ranar rufe karɓar takardu ta gaske, a faɗi ranar, wannan bayani ne mai amfani ga kowa.

Take da abin da aka liƙa suna cikin tsawon saƙo ko da ba a ƙirga su. Take mai kalma shida zuwa goma ya isa, kuma kalmomin farko su ɗauki ma'anar domin waya tana datse ƙarshensa. "Neman gurbin digiri na biyu: ajiyar wake a buhun PICS" ya faɗi komai, "Gaisuwa" ko "Neman taimako" ba su faɗi komai ba. Takardu bakwai kuma nauyi ne da ke sa gajeren saƙo ya koma dogo. Guda ɗaya a tsarin PDF, mai ɗauke da sunan mai ita, ta wadatar har sai an nemi sauran.

Yadda ake gane an rage daidai

Ƙidayar kalmomi abu ne mai sauƙi: Word yana nuna ta a ƙasan shafi, a Google Docs kuma ana danna Ctrl+Shift+C. Amma ƙidaya ba ta nuna ko saƙon ya yi aiki. Gwajin da ya fi shi ne mai rubutu ya aika wa kansa saƙon ya buɗe a waya, ya duba ko buƙatar tana bayyana ba tare da an ja rubutu da yawa ba. Sannan ya miƙa wa wani da bai san maganar ba, ya ba shi rabin minti, ya karɓe wayar, ya tambaye shi me ake nema kuma me ya sa aka zaɓi wannan mutum. Idan ya kasa faɗa, ko ya faɗi wani abu daban, gyara bai ƙare ba.

Ana kuma iya wuce gona da iri. Alamarsa ita ce lambobi da sunaye sun ɓace, an bar magana ta gama-gari. Da ɗalibin ya mayar da sakin layinsa na biyu zuwa "na yi bincike kan ajiyar hatsi", da ya rage kalma wajen arba'in, amma ya zubar da abin da kawai ya bambanta shi da sauran masu nema. Wata alamar ita ce jimloli sun guntule har saƙon ya yi kama da umarni, babu gaisuwa babu godiya. Idan aka rasa abin cirewa tsakanin jimla mai takamaiman bayani da jimla mai daɗin ji, mai daɗin jin ce ke tafiya.

Akwai lokutan da saƙo zai wuce kalma 150 bisa hujja. Wasu farfesoshi da sassan jami'a suna rubuta a shafinsu abin da suke so mai nema ya haɗa a saƙon farko, kuma a nan umarninsu ne ma'auni, ko da ya kai kalma 300. Ɗan kasuwar da ke tallata riɗi ko zoɓo ga mai saye a ƙasar waje yana buƙatar faɗin yawan kayan da ke hannu, da ingancinsu, da tashar da za a yi lodi, domin babu mai saye da zai amsa ba tare da su ba. Irin wannan ƙari ya fi kyau a jera shi a gajerun layuka ƙarƙashin saƙon, a bar jikin saƙon da buƙatarsa a sama yadda suke. Idan kuma wani da mai karatu ya sani ne ya haɗa su, saƙon yana iya raguwa ƙasa da kalma ɗari, domin sunan mai haɗawar a jimlar farko ya ɗauke rabin aikin gabatarwa.

Idan mako ɗaya ko biyu suka wuce babu amsa, ana iya aika tuni sau ɗaya. Ana yin sa ne ta hanyar amsa saƙon farko domin ya kasance a ƙasa, mai karatu ya gan shi ba sai ya nema ba. Jimla biyu ko uku sun isa: a ambaci cewa an rubuto a ranar kaza, a maimaita tambayar yadda take, a yi godiya. Bayanin da aka cire daga daftarin farko ba a dawo da shi a nan, sai dai idan wani sabon abu ya faru da ya shafi buƙatar, kamar fitowar sakamako ko matsowar ranar rufe karɓar takardu.